Gida biyu maganin gobara, amma ba masu zana ɗaya ba

Duk kaka, mai ɗan kuɗi a hannu a Dugabau da sauran ƙauyukan Kabo da Gwarzo ya san abin da ake yi: a sayi hatsi da araha, a zuba a sito, a jira bazara. A 2023 da 2024 dabarar ta yi wa mutane rana, har wasu suka sayar da dabbobinsu suka ƙara jari. Sai a watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Da aka shiga 2025 farashin hatsi ya yi ta sauka, a daidai lokacin da aka saba ganin yana hawa. Daga Dawanau har kasuwar Getso, da yawa sun sayar ƙasa da yadda suka saya.

Abin lura shi ne, cikin waɗanda suka yi asarar akwai masu ganin sun raba ƙafa: masara kaza, dawa kaza, gero kaza. Turawa kan ce kada a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya, Bahaushe kuma ya ce gida biyu maganin gobara. To amma gidaje biyun da zana ɗaya ta raba, wuta ɗaya ce za ta cinye su. Masara da dawa da gero suna maye gurbin juna a tukunyar tuwo da wajen masu haɗa abincin kaji, ruwan sama ɗaya suke sha, dokar gwamnati ɗaya ke taɓa su. Idan ɗaya ya faɗi, sauran na biye da shi. Suna uku ne, haɗarin ɗaya ne.

A ɗauki misali da mutum biyu, kowa da naira miliyan 2. Na farko ya sayi buhu 40 a kan dubu 50. Farashi ya sauka zuwa dubu 35, ya tashi da miliyan 1 da dubu 400. Dubu 600 sun tafi, ba a ma lissafa kuɗin sito da maganin ƙwari ba.

Na biyu ya sayi buhu 16 kacal da dubu 800, ya sayi raguna huɗu da dubu 600, ya ware dubu 100 na abincinsu, ya riƙe dubu 500 a hannu. A hatsi ya yi asarar dubu 240. Amma arahar da ta karya mai sito ita ce ta sauƙaƙa wa mai kiwo dusa, ga kuma Babbar Sallah da ke da nata ciniki, ba ruwanta da farashin masara. In ya sayar da kowane rago dubu 210, ya ci ribar dubu 140. Asararsa gaba ɗaya dubu 100 ce. Kuma da yake yana da kuɗi a hannu, rashin lafiyar yaro ko kuɗin taki ba za su tilasta masa buɗe sito a ranar da kasuwa ta fi lalacewa ba.

Sai dai akwai gaskiyar da masu wa'azin raba jari ba su cika faɗa ba. Da buhu ya kai dubu 70, na farko zai ci dubu 800, na biyu kuwa dubu 320 kawai a hatsi. Mai raba jari ya yarda ke nan ba zai taɓa zama wanda ya fi kowa riba a majalisa ba. Wannan shi ne kuɗin da yake biya, kuma ga mai iyali da jarinsa bai wuce wannan ba, ya cancanci a biya shi.

Manoman yankin ba baƙi ba ne ga wannan lissafi. Gonar da aka haɗa gero da dawa da wake, ko gyaɗa a gefe, an tsara ta ne don gero ya nuna da wuri ya kashe yunwa, dawa ta jira ƙarshen damina, wake ya zo da harawa. A 1975, da cutar kuturtar gyaɗa ta mamaye Arewa, wanda ya dogara da gyaɗa kaɗai shi ya fi jin jiki.

Rabawar ma tana da iyaka. Dubu 500 da aka riƙe a hannu, hauhawar farashi na cinta a hankali, kamar yadda aka gani bayan faɗuwar naira a 2023. Rago na mutuwa, ana kuma sace shi. Wanda bai taɓa noman rani ba, in ya zuba kuɗi a albasa a bakin dam ɗin Guzuguzu don kawai a ce ya raba, wani sabon haɗarin ya sayo. Haka wanda ya ba 'yan kasuwa uku jari, alhali dukkansu hatsi suke tarawa a Dawanau. Kafin ya miƙa kuɗin, ya kamata ya tambayi kowannensu abin da zai saya da su.