Akwatin "A'a" da Ya Cinye Naira Miliyan Biyar

Da yawa daga cikinmu mu ne masu cike fom a gidajenmu. Da zarar an kawo takarda da Turanci, sai ka ji an ce, "A kira ɗan Poli ya duba mana." Mu kuwa sai mu karɓi biro da alfahari, mu yi ta zuba alama a akwatuna kamar muna jarrabawar canki-canka. To, akwai fom guda da nake roƙon 'yan'uwana ɗalibai su ji tsoron yi masa haka, wato fom ɗin inshorar rai, ko na takaful ɗin iyali. Ra'ayina a kansa a fili yake: duk wanda ya ɓoye tsohon ciwo a wannan takarda don a rage masa kuɗi, bai yi wa kamfani wayo ba. Iyalinsa ya haƙa wa rami, kuma ranar da za su faɗa ba ya nan balle ya yi bayani.

Ba a aji na fara koyon wannan ba, a gidan kawuna na koya.

Kawu direban babbar mota ne. Yana da shekara 44 wani wakilin kamfanin inshora ya same shi a gareji, ya sayar masa da inshorar rai ta naira miliyan biyar, a kan zai riƙa zuba naira 6,000 duk wata. A fom ɗin akwai tambayar ko likita ya taɓa gaya masa yana da hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya. Shekara biyu kafin nan an auna shi a asibiti, an ce yana da hawan jini, an ɗora shi a kan magani. Ya sha na 'yan watanni, ya ji garau, ya ajiye. A ganinsa ya warke. Wakilin kuma ya ce masa, "Alhaji, idan ka ce e, sai sun tura ka gwaji, kuɗin ma ya ƙaru. Kai da kake lafiya ƙalau?" Aka sa alama a akwatin "A'a", Kawu ya sa hannu.

Shekara shida yana biya, bai taɓa tsallake wata ba. Sai ya yanke jiki ya faɗi, jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, bayan kwana uku Allah Ya yi masa rasuwa. Da aka yi arba'in, ni na raka matarsa ofishin kamfanin. Suka nemi takardar shaidar mutuwa, da rahoton likitan da ya duba shi a ƙarshe, suka kuma aika asibiti neman bayanin da ke cikin fayil ɗinsa. A shafin farko na ranar da aka kwantar da shi, likita ya rubuta cewa maras lafiyan yana da hawan jini tun shekara takwas da suka wuce, kuma ba ya shan magani. Wa ya gaya wa likita haka? Anti ce da bakinta, a ɗakin taimakon gaggawa, don a ceto ran mijinta. Lissafin ba ya bukatar kalkuleta: ciwo shekara takwas, yarjejeniya shekara shida. Bayan 'yan makonni takarda ta zo cewa ba za a biya ba. A hanyar komawa gida ta ce da ni, "Ɗana, ashe gaskiyar da na faɗa wa likita ce ta cinye mu?" Na ce, "A'a Anti, wadda ba a faɗa ba tun farko ce."

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne tsawon lokacin. Yaya za a karɓi kuɗin mutum shekara shida, sannan a tono maganar ranar farko? Amsar tana cikin yadda cinikin inshora yake. Idan za ka sayi babur na hannu, kai za ka tayar da shi, ka saurari inji, ka kira bakanike ya duba. A inshorar rai kuwa, abin da ake ciniki a kansa yana cikin jikinka da tarihinka, kuma kai ka san shi, kamfani bai sani ba. Shi ya sa doka ta ɗora wannan ciniki a kan cikakkiyar gaskiya daga ɓangarorin biyu. Ƙa'idar tsohuwa ce, tun shari'ar Carter da Boehm a Ingila a shekarar 1766, inda alƙali Lord Mansfield ya kafa ta, mu kuma muka gaje ta a dokokinmu. Ma'anarta ita ce, amsoshin da ka bayar su ne tubalin yarjejeniyar. A kansu kamfani ya yanke shawarar karɓar ka, a kansu ya yanka maka kuɗi. Idan daga baya ta bayyana cewa da ka faɗi gaskiya da shawararsa ta canja, yana iya cewa yardar da ya bayar ba yarda ba ce, a ɗauka kamar ba a taɓa ƙulla komai ba. Shekarun da ka yi kana biya ba sa gyara tubalin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, sai dai wannan ramin yakan yi shekaru kafin a kai ƙarshensa, domin mafi yawan kamfanoni ba sa buɗe fayil ɗinka na asibiti sai ranar da aka zo karɓar kuɗi.

Yanzu mu duba abin da Kawu ya tsere wa. Da ya ce e, ba korar sa za a yi kai tsaye ba. Abin da aka saba shi ne a tura mutum a auna jininsa, a gwada fitsari da aikin ƙoda, a tambayi maganin da yake sha. Daga nan ɗayan huɗu: a karɓe shi a kan farashin kowa, ko a ƙara masa kuɗi, ko a ce ya je ya daidaita jinin ya dawo bayan wasu watanni, ko a ƙi shi idan abin ya yi tsanani. A ce ƙari aka yi masa, daga 6,000 zuwa 8,000. Bambancin naira 2,000 ne a wata, a wata 72 ya kama naira 144,000. Wannan shi ne duk abin da "A'a" ta adana masa. A gefe guda ya zuba naira 432,000, iyalinsa kuma sun rasa miliyan biyar. Ko da ƙin sa aka yi, ai gara haka, da ya san matsayinsa ya zuba kuɗin a adashi ko ya sayi fili. Ban da wannan, gwajin da ya guje wa wataƙila shi ne zai mayar da shi kan maganinsa, tunda hawan jini ciwo ne da kan yi shekaru bai nuna alama ba.

A nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Fom ba ya tambayar ko kana jin ciwo yau, tambayarsa ita ce ko ka taɓa. Tarin fuka da ka sha magani wata shida ka warke, ciwon hanta da aka gano ranar da ka je ba da jini, asma ta ƙuruciya, aikin tiyata da aka yi maka kana sakandare, duk suna shiga idan an tambaya. "Ai na warke" bayani ne da za ka rubuta a layin da ke ƙasa, tare da shekara da maganin da aka ba ka. Ba kai ne za ka yanke hukuncin ko ciwon yana da muhimmanci ba, aikin masu tantancewa ne.

Na san abin da wasu za su ce: kamfanonin nan dama uzuri suke nema. Ban wanke su ba. Fom da Turancin likitoci a gaban direba, da wakilin da cin abincinsa ya dogara da kamasho, da ɗabi'ar karɓar kuɗi ba bincike sai ranar biya, duk laifi ne da ya kamata a faɗa. Doka ma ba ta sakar musu mara ba. Dokar inshora ta shekarar 2003, wadda ta yi aiki har zuwa 2025, ta ɗora wa kamfani nauyin tsara fom ɗinsa yadda zai tambayi duk abin da yake ganin muhimmi ne, ta kuma ce abin da bai tambaya ba ba a ɗaukar sa muhimmi. Ke nan ba a bukatar ka zauna kana tuno kowane zazzaɓi da mura. Haka kuma akwai bambanci tsakanin wanda ya manta ko bai ma san yana da ciwon ba, da wanda ya sani ya ɓoye. Na farkon yana da hujjar jayayya, kuma iyalinsa na iya kai ƙorafi ga hukumar NAICOM mai sa ido a kan kamfanonin inshora, ko su je kotu. Amma duba lamarin Kawu: an tambaya ƙarara, ya sani, ya ce a'a, kuma ciwon da ya ɓoye shi ne sanadin ajalinsa. Ta ina lauya zai kama?

"To ai wakilinsu ne ya sa shi." Haka ne, kuma ni ma nan na fi jin zafi. Sai dai wannan dokar ta 2003 ta ce a buga a jikin fom cewa wakilin da ya taya ka cikewa, a wannan aikin wakilinka ne kai mai nema. Maganar da suka yi a gareji ta bi iska, wakilin ma ya daɗe da barin aikin. Abin da ya rage shi ne takarda, da sa hannun Kawu a ƙarƙashin layin da ke cewa duk amsoshin nan gaskiya ne.

Masu cewa su takaful za su shiga, to can ma fom ɗin na nan da tambayoyinsa. Nauyin ma ya fi yawa, domin daga asusun gudummawar mahalarta ake biyan wanda abu ya sama. Wanda ya ɓoye ciwo ya biya ƙasa da rabonsa, 'yan'uwansa mahalarta ya zalunta.

Saboda haka idan Baba ko Umma suka miƙo maka irin wannan fom, kada ka cike a tsaye. Ka zauna, ka fassara musu tambayoyin lafiya ɗaya bayan ɗaya, ka ce a ɗauko katin asibiti da kwalayen magani. Kada ka bari wakili ya tafi da fom mai sa hannu da guraben da ba a cike ba. Ka ɗauki hoton kowane shafi ka adana. Idan kuma ka san an riga an yi irin ta Kawu a gidanku, ƙofa ba ta rufe ba muddin mai inshorar yana raye: ya rubuta wa kamfanin takarda ya bayyana ciwon, ya karɓi kwafi mai hatimin shaidar sun karɓa. Suna iya ƙara masa kuɗi, suna iya soke yarjejeniyar. Ko wanne suka yi, da shi za a yi, yana da bakin magana.

Anti yanzu tana sayar da ƙosai a ƙofar gida, babban ɗanta ya dakatar da karatu ya koma gareji. Takardar inshorar tana nan cikin akwatinta, a leda, tare da rasit 72 da babu ko ɗaya da ya ɓata.