"An" Ba Sunan Kowa Ba Ne

Wannan makon za mu tsaya ne a kan wata 'yar ƙaramar kalma mai baƙi biyu, wadda ta zame mana mafaka duk sanda muka zauna rubuta labari. Kalmar ita ce "an", tare da 'yan uwanta "aka" da "ana" da "za a". Ra'ayinmu shi ne, jimlar farko ta labari ba wurin zamansu ba ne, matuƙar mun san wanda ya aikata abin da muke ba da labarinsa.

Mu fara da yi wa kalmar adalci. Bahaushe ya gaji sakaya suna tun daga gida. Muna ce wa babba "an tashi lafiya?" don girmamawa. Matar da ke kunyar ambaton sunan mijinta takan ce "an fita tun da safe", kuma kowa ya gane wanda take nufi. Yaron da ya yi ɓarna shi ma ya iya nasa: "an fasa tulu." To, a nan gizo ke saƙa. Kalmar da ke ɗauke da kunya a bakin matar, ita ce ke ɗauke da gudun laifi a bakin yaron. Takardun sanarwa na ofisoshi sun fi kama da maganar yaron nan, domin wanda ya rubuta su yakan so a san an yi abu, ba tare da an san hannun da ya yi ba. Mu kuwa sai mu kwafe su yadda suka zo, mu ce mun rubuta labari.

Bari mu ɗauki wani al'amari da dukkanmu muka ji a jikinmu, wato canjin kuɗi. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da cewa zai sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya kuma sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar da tsofaffin za su daina aiki. Da ranar ta matso, sababbin kuɗi suka yi wuyar samu, layi ya cika ƙofar bankuna, 'yan kasuwa suka fara ƙin karɓar tsofaffi. Ranar Lahadi 29 ga Janairu wa'adin ya samu ƙari. Mu ɗauka washegari Litinin ce, muna rubuta labarin. Ga irin buɗewar da yawancinmu za mu yi. Mu muka ƙirƙire ta don misali, amma duk mai sauraron labarai ya san ƙamshinta:

"An bayyana cewa an amince da ɗaukar matakin yin ƙari a kan wa'adin da aka sanya tun farko dangane da batun daina amfani da tsofaffin takardun kuɗi, biyo bayan wata ganawa da aka gudanar a jiya, inda aka yi kira ga al'umma da su ba da haɗin kai."

Kalma 48 ke nan, kuma a kunne tana da nauyi kamar maganar manya. Amma mu sa kanmu a matsayin mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau, wanda ke da tsofaffin kuɗi cike da jaka. Me ya ƙaru da shi? Bai san wanda ya ƙara wa'adin ba, balle ya auna ko maganar mai iko ce ko ji-ta-ji-ta. Bai san kwana nawa aka ƙara ba. Bai san ranar ƙarshe ba. Abin da ya dame shi duka bai shigo jimlar ba.

Aikin farko shi ne mu ja layi a ƙarƙashin kowace "an" da "aka", mu tambaye ta: wa? A jimlar nan guda biyar ne. Wa ya bayyana? Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele. Wa ya amince? Shugaba Muhammadu Buhari, kamar yadda gwamnan ya faɗa. Wa ya sanya wa'adin farko? Babban Bankin. Su wa suka gana? Su biyun, a Daura. Wa ya yi kiran haɗin kai? Idan muka duba takardarmu ba mu ga sunan kowa ba, to wannan ciko ne, mu zubar da shi. Wannan tambaya ta "wa" tana da wani amfani da ya wuce gyaran salo, domin duk inda muka kasa amsa ta, ta nuna mana cewa bincikenmu bai kammala ba. Sau da yawa "an" ramin da muka kasa cikewa ne muka shimfiɗa wa tabarma.

Aiki na biyu shi ne mu tono fi'ilin da aka binne. Dubi wannan jerin: "amince da ɗaukar matakin yin ƙari." Kalma shida, amma abin da ya faru a cikinsu guda ne, wato wani ya ƙara kwanaki. Harshen ofis yana son mayar da aiki ya zama suna, sannan ya nemo wani fi'ili maras jini ya jingina shi da shi. Daga nan muke samun "gudanar da bincike" a inda "bincika" ta isa, da "aiwatar da rusau" a inda "rushe" ta isa, da "gudanar da ganawa" a inda "gana" ta isa. Gwajin mai sauƙi ne. Mu tambayi kanmu yadda za mu faɗa wa maƙwabci labarin a bakin masallaci bayan la'asar. Ba wanda zai ce masa an ɗauki matakin yin ƙari. Cewa za mu yi, "Babban Banki ya ƙara kwana goma."

Aiki na uku shi ne zaɓen wanda zai tsaya a gaba, tunda masu aikin sun fi ɗaya. Muna iya buɗewa da shugaban ƙasa, domin shi ya amince. Muna iya buɗewa da bankin, domin shi ya sa wa'adin kuma shi bankunan kasuwanci ke bin umarninsa. Mu mun zaɓi bankin, saboda mutumin Dawanau umarnin bankin ne zai tarar idan ya je ajiya. Ga yadda buɗewar ta koma:

"Babban Bankin Najeriya ya ƙara kwana 10 a kan wa'adin daina karɓar tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000, daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairu. Gwamnan bankin, Godwin Emefiele, ya sanar da hakan jiya Lahadi bayan ya gana da Shugaba Muhammadu Buhari a Daura."

Kalma 47. Tsayin kusan ɗaya ne, don haka kada mu ɗauka maganar gajartawa ce kawai. Gurbin da "dangane da batun" da "biyo bayan" suka cinye, shi muka ba sunaye da ranaku da adadi. Mu lura kuma da cewa da zarar mun sa mai aiki a gaba, jimlar da kanta take neman sauran bayanin. Wanda ya rubuta "ya ƙara" dole ya faɗi abin da ya ƙara da yawansa. Wanda ya rubuta "an amince da ɗaukar mataki" zai iya kaiwa ƙarshen shafi bai faɗi komai ba.

Wani zai ce ai ambaton suna tsokana ce, kuma marubuci mai tasowa ba shi da lauya. Akwai gaskiya a wannan tsoro, shi ya sa muke cewa sunan da za mu sa dole ya zama wanda muka tabbatar. Idan gobara ta tashi a kasuwa ba a san sanadinta ba, "ana zargin" ta fi mana alheri da mu ɗora wa wani. Idan 'yan sanda suka ce wani ya yi sata, mai aikin da muke da tabbacinsa su ne 'yan sandan, don haka sai mu rubuta "'yan sanda sun zargi wane da sata", mu bar hukunci ga kotu. Ƙirƙiro mai aiki don jimla ta yi kyau ya fi barin "an" muni nesa ba kusa ba. Haka nan akwai wuraren da harshen kansa ya ajiye wa kalmar: an yi ruwa, an haifi jariri, an ga wata. Ba mai hankalin da zai taɓa waɗannan.

Amma inda aka san mai aiki aka ɓoye shi, talaka ne ke biyan kuɗin sakayar. Mu ɗauki jimlar da muke gani kullum: "An kama matasa a unguwa kaza." A gari irin Kano, mai kamun zai iya zama ɗan sanda, ko ɗan Hisbah, ko jami'in hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ko ɗan sintiri. Kowannensu da ofishinsa da dokar da yake aiki da ita. Uwar da ɗanta bai kwana gida ba, idan ta ji "an kama", ƙofar wa za ta nufa? Haka "an samu asarar rayuka", jimlar da ke sa kisa ya yi kama da ambaliya, alhali wataƙila wani ne ya ɗana kunamar bindiga. Wanda ba a ambaci sunansa ba, ba za a tambaye shi dalili ba.

Akwai wani tarko da za mu iya faɗawa bayan mun kori "an", wato mu maye gurbinta da sunan da bai fi ta bayani ba. "Hukumomi sun ce", "masu ruwa da tsaki sun buƙaci", "rahotanni sun nuna", duk "an" ce ta sa babbar riga. Har "gwamnati ta" takan zama haka. Labarin canjin kuɗin nan ya nuna mana dalili, domin gwamnatocin jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka kai gwamnatin tarayya ƙara, kuma Kotun Ƙoli ce ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris na 2023 cewa tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba. Wanda ya rubuta "gwamnati ta" a wannan labari bai faɗa mana mai ƙara yake nufi ko wanda ake ƙara ba. Ma'aunin shi ne: shin mai karatu zai iya zuwa ya ƙwanƙwasa ƙofar wanda muka ambata? Idan ba zai iya ba, mu ƙara matsowa.

Ga aikin da za mu ba kanmu kafin mako mai zuwa. Kowa ya ɗauko labari guda da ya taɓa rubutawa, ya ƙirga "an" da "aka" da ke sakin layinsa na farko, ya rubuta sunan mai aiki a gefen kowace. Wadda ya samo mata suna, ya sake gina jimlar da sunan a gaba da fi'ili guda mai ƙarfi a bayansa. Wadda ya kasa, ya koma ya tambayi wanda ya ba shi labarin. Idan shi ma ya ce bai sani ba, to a lokacin "an" ta halatta, kuma ya kyautu mu gaya wa mai karatu ƙarara cewa har yanzu ba a gano wanda ya yi ba.

Allah ya yi mana jagora, ya sa alƙalumanmu su tsaya a kan gaskiya. Sai mako mai zuwa idan mai kowa mai komai ya kai mu.