ETF ko asusun haɗaka: Wanne ya fi wa mai ƙaramin jari araha a Najeriya?

Kasuwar hannun jarin Najeriya ta tashi da kusan kashi 46 cikin 100 a shekarar 2023, ta ƙara da sama da kashi 37 a 2024, a daidai lokacin da hauhawar farashi ke cinye kuɗin da aka ajiye a banki. Wannan ya sa ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa da yawa suka fara neman hanyar shiga kasuwar ba tare da sun zauna suna zaɓen kamfani ɗaya bayan ɗaya ba.

Hanyoyi biyu ake yawan nuna musu: asusun haɗaka da kuma asusun da ake kira ETF. Dukansu tara kuɗin jama'a suke yi wuri guda, a sayi hannayen jari ko wasu kadarori da shi, kowa ya mallaki rabo gwargwadon abin da ya zuba, kuma dukansu suna ƙarƙashin kulawar hukumar SEC. Inda suka rabu shi ne ƙofar shiga da ta fita.

Wa ke sayarwa, kuma a kan nawa?

A asusun haɗaka, mai zuba jari da kamfanin da ke kula da asusun yake hulɗa kai tsaye. Sau ɗaya a rana ake lissafa darajar kadarorin asusun, a cire abin da ake binsa, a raba da adadin rabon da ke hannun jama'a. Kan wannan lissafin ake sayarwa, kansa kuma ake mayar wa mutum kuɗinsa, galibi bayan 'yan kwanakin aiki.

Shi kuwa ETF, a kasuwar NGX ake cinikinsa kamar hannun jarin kowane kamfani. Sai mutum ya sami dillali mai lasisi da asusu a CSCS, sannan ya saya daga hannun wani mai sayarwa a duk lokacin da kasuwa take buɗe. A ƙarshen 2011 aka fara shigar da irinsa kasuwar Najeriya, wato NewGold mai bin farashin zinare. A 2014 aka sami Vetiva Griffin 30, mai bin manyan kamfanoni 30, da Lotus Halal Equity, wanda ke bin jerin kamfanonin da aka tantance bisa ƙa'idar Shari'a.

A takarda, ETF ya fi sauƙin juyawa. Amma sauƙin ya dogara da samun abokin ciniki. A kasuwar da ba ta cika ba, mai son sayar da rabonsa zai iya tarar da masu saye kaɗan, suna tayi ƙasa da darajar kayan. Akwai manyan dillalai da aka ba izinin ƙirƙiro sabon rabo ko mayar da shi ga asusun, kuma cinikinsu ne ke janyo farashin kasuwa kusa da ainihin daraja. Idan suka yi sanyi, farashin kan yi nisa da ita, sama ko ƙasa.

Kuɗin da ake gani da wanda ba a gani

Yawancin ETF jerin kamfanoni kawai yake bi, ba ya buƙatar masu nazarin da za su riƙa zaɓe, shi ya sa ladan kula da shi na shekara ya kan yi ƙasa. Sai dai mai saye zai biya ladan dillali da na hukumomin kasuwa a shiga da fita, ga kuma tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, wadda ba ta fitowa a kowane rasit.

Ga misali da alƙaluman da aka ƙaddara don lissafi. Wata malamar makaranta tana da naira 500,000. Asusun haɗaka yana karɓar kashi 1.5 cikin 100 a shekara, wato naira 7,500, ba kuɗin shiga. ETF yana karɓar kashi 0.5, wato naira 2,500. Kallon farko, ETF ya rage mata naira 5,000 duk shekara.

To amma a ce ladan ciniki kashi 1 ne a saye, kashi 1 a sayarwa: naira 10,000 ke nan. A ce kuma darajar rabo naira 100 ce, masu sayarwa na neman 101, masu saye na tayin 99. Shiga da fita za su ci mata kimanin wata naira 10,000. Jimilla naira 20,000.

Idan aka ajiye batun riba ko faɗuwa gefe, fita bayan shekara ɗaya za ta ci mata naira 22,500 a ETF, alhali 7,500 kawai za ta biya a asusun haɗaka. Sai a shekara ta huɗu za su yi kunnen doki. A shekara ta goma kuwa lissafin ya juya: naira 45,000 a ETF, naira 75,000 a asusun haɗaka.

Wani abin lura shi ne, arahar daga salon sarrafa jarin take fitowa, ba daga sunan ETF ba. A Amurka, kamfanin Vanguard yana da asusun haɗaka da ETF masu bin manyan kamfanoni 500 iri ɗaya: na farko yana karɓar kashi 0.04 a shekara, na biyu kashi 0.03. Bambancinsu na gaske a mafi ƙarancin kuɗin shiga yake, domin asusun haɗakar sai da dala 3,000.

Da nawa ake farawa?

A Najeriya wannan shingen bai da tsayi. Asusun haɗaka da dama suna karɓar naira 5,000, kuma duk abin da aka ƙara ana mayar da shi rabo har da gutsurensa. Wannan ya dace da mai albashin da ke ware naira 10,000 duk ƙarshen wata. Sai dai wasu suna sharaɗin kuɗin ya zauna na wani lokaci, kamar kwana 30 ko 90, wanda ya fita kafin nan a yanke masa wani abu.

A ETF, farashin rabo ɗaya shi ne mafari, amma kowane saye sabon ciniki ne da ladansa da tazararsa, kuma wasu dillalai suna da nasu mafi ƙarancin kuɗin buɗe asusu.

Abin dubawa kafin a biya

Mai son ETF zai iya gane haɗarin da lambobi uku: darajar rabo da kamfanin asusun ke wallafawa, farashin saye da na sayarwa a manhajar dillali, da yawan rabon da aka yi ciniki a kwanakin baya. Idan farashin kasuwa ya haura darajar da nisa, mai saye yana biyan kuɗin iska ne, wanda zai iya ɓacewa ko da kamfanonin ba su faɗi ba. Maganinsa shi ne a ba dillali umarni mai iyakar farashi, maimakon a ce ya saya a duk yadda ya samu.

Mai son asusun haɗaka kuma ya duba jimillar abin da ake cirewa a shekara, domin bayan ladan kulawa akwai na amintattu da na masu ajiyar kadara, wani lokacin har da kaso daga riba.

Babu ɗaya daga cikinsu da ke da tabbacin riba, kuma inshorar NDIC da ke kare ajiyar banki ba ta shafe su ba. Ga mai dunƙulallen kuɗi da zai iya haƙurin shekara biyar ko fiye, ETF mai yawan ciniki zai iya fin araha. Ga mai tarawa kaɗan-kaɗan, ko wanda kuɗin makarantar yara zai iya tilasta masa fita baɗi, asusun haɗaka ne ya fi kusa da buƙatarsa.