Uban da ya turo rasit cikin fushi: a fara amsa masa shi, kafin takardarsa

Jama'a, an koma makaranta, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya. Sati biyu ko uku da komawa sai a fara koro yara kan kuɗin makaranta, wayoyin akawu da na hedimasta su cika da saƙonni. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 da ya tura mu duka ga tiransifa, irin saƙon nan kusan kamanninsa ɗaya ne: layi biyar na zafin rai, a ƙasa kuma hoton rasit.

Ra'ayina a kai shi ne: wanda aka turo wa irin wannan saƙo, takardar zai fara karantawa, amma ba ita zai fara amsawa ba. Karantawa daban, amsawa daban. Rashin raba biyun nan ne ke mai da maganar da za a kashe a minti goma ta zama gaba ta shekara.

Bari mu ɗauki misali. A ce uba yana da yara biyu a wata makarantar kuɗi. Na babbar naira 45,000, na ƙaramin naira 38,000, jimilla 83,000. Ya je wajen mai POS ya tura kuɗin a dunƙule tun kafin a koma. Ranar Talata da hantsi yana kasuwa, sai matarsa ta kira shi ta ce ga yarinya ta dawo tana kuka, an kira sunanta a gaban aji cikin waɗanda ba su biya ba, an ce ta tafi gida. Sai ya ɗauki waya ya rubuta wa akawun makaranta:

"Wallahi wannan wulaƙanci ne. Na biya kuɗinku tun tuni amma ku koro min yarinya kamar ɓarauniya? Ga rasit nan ku gani. Idan ba ku iya aikinku ba ku faɗa min in cire yarana."

Amsar da aka saba bayarwa kun san ta. Ko dai a rubuta masa "za mu duba" a yi shiru, ko a ce "babu sunanka a cikin waɗanda suka biya, ka zo ofis da asalin rasit". Ta fuskar aiki babu ƙarya a ciki. Amma ku sake karanta saƙon uban. Rasit a layi na uku ya zo. Abin da ya sa a gaba shi ne wulaƙanci da koro yarinya. Shi a ganinsa maganar kuɗi ta wuce tunda ya biya, abin da ke cin ransa shi ne an kunyata 'yarsa a gaban sa'o'inta, shi kuma an mai da shi uban da ya kasa. Ya haɗo rasit ne don ya zama shaidarsa. In ka tsallake duk wannan ka faɗa kan takarda, abin da zai ji shi ne ana cewa ƙarya yake, ko kuma kukan 'yarsa ba abin magana ba ne. Daga nan duk lissafin da ka kawo, komai gaskiyarsa, ba zai shiga kunnensa ba.

To me ya sa na ce a fara karanta takardar? Saboda ba ka san irin haƙurin da za ka bayar ba sai ka san abin da ta ƙunsa. Kuma duba rasit ɗin tiransifa ba wani dogon aiki ba ne. Ka duba sunan asusun da aka tura wa da lambarsa mai alƙaluma 10, ka tabbatar na makarantar ne, don sau da yawa iyaye na turawa tsohon asusun da aka daina amfani da shi. Ka duba adadi da kwanan wata. Ka duba sunan wanda ya tura. Sannan ka nemi `Session ID`, wato lambar nan mai alƙaluma 30 da ke bin kowace tiransifa ta nan take tsakanin banki da banki, wadda da ita banki ke bin sawun kuɗin. Bayan haka sai ka buɗe bayanan asusun makaranta na wannan ranar. Nan ne hukunci yake, domin rasit shaida ce cewa an tura, ba shaida ba ce cewa ya shiga. Kuɗi kan fita ya maƙale, ko ya koma wa mai shi bayan awanni, kuma hoton rasit ana iya ƙirƙirar sa.

A misalinmu, ga abin da akawu zai tarar. Naira 83,000 ta shiga a ranar da uban ya ce, amma da sunan mai POS, kuma wajen bayani babu sunan yaro ko ɗaya, shi ya sa aka ajiye ta cikin kuɗin da ba a san mai su ba. Sai kuma abu na biyu: a wannan zangon an ƙara naira 5,000 kan kowane yaro, kuɗin ya koma 93,000. Ke nan uban ya biya da gaske, amma akwai cikon 10,000 a kansa da bai sani ba.

Kun ga inda gizo ke saƙa. Takardar ta ba shi gaskiya a wani wajen, ta hana shi a wani. In akawu ya fara da cikon 10,000, ya zuba wa wuta fetur, ko da yake gaskiya ya faɗa. In kuma bai duba ba ya yi saurin cewa "kuskurenmu ne, ba a bin ka komai", gobe sai ya dawo ya ci maganarsa, fushi ya dawo sabo. Ga amsar da nake ganin ta dace:

"Assalamu alaikum Alhaji. Mun ga saƙonka. A yau an kira sunan 'yarka a gaban aji an mai da ita gida alhali ka turo kuɗi, wannan abu ne da dole ya ɓata wa kowane uba rai, kuma bai kamata ya faru ba. Ka yi mana haƙuri. Gobe ta dawo aji, ni da kaina zan sanar da malaminsu. Game da rasit, na duba. Naira 83,000 ɗinka ta shigo a ranar da ka tura, sai dai ta zo da sunan mai POS ba tare da sunan yara ba, shi ya sa ba a rubuta musu ba. Yanzu an rubuta. Akwai kuma ƙarin naira 5,000 kan kowane yaro a wannan zango, wato cikon 10,000. Wannan ba zai hana su zama a aji ba. Zan kira ka bayan la'asar mu yi magana a kai."

Ku lura da kashin farko. Bai ce "a yi haƙuri" kawai ya wuce ba, ya ambaci abin da ya faru da sunansa. Uban da ya karanta wannan ya san an karanta saƙonsa har ƙarshe. Sannan haƙurin da aka bayar kan korar yarinya ne, ba kan lissafi ba, saboda haka babu abin da makaranta ta sarayar na haƙƙinta. Kuma an haɗa shi da aiki: gobe ta dawo aji. Kashi na biyu shi ma bai yi kwana-kwana ba, an faɗi adadi, an faɗi dalili, an faɗi cikon ƙarara. Barazanar cire yara kuwa ba a taɓa ta ba sam, kuma daidai ke nan, don fushin fari ba naka ba ne. In ka amsa ta, ka tilasta masa ya tsaya a kanta don kada a ce ya ji tsoro.

Na san wasu za su ce wannan lallashi ne, mutum ya zage ka kuma ka bi shi da daɗin baki. Wasu kuma su ce hakan zai koya wa iyaye cewa hayaniya ke biya. Ni ban ga haka ba. Uban nan bai samu ragin ko kwabo ba saboda hayaniyarsa, cikon na nan daram. Abin da ya samu shi ne abin da ya cancanta ko da cikin ladabi ya rubuto. Abin da ke koya wa mutane hayaniya shi ne a yi banza da mai ladabi, sai wanda ya ɗaga murya a saurare shi.

Inda na yarda da masu suka shi ne haƙurin da ba ya ɗauke da komai. Mun gaji da shi a ƙasar nan. "Muna ba da haƙuri kan abin da ya faru, ana kan bincike", shi ke nan, babu rana babu suna. Wannan ya fi shiru ciwo, domin mutum ya gane ana son a kwantar da shi ne a rabu da shi. Shi ya sa kashi na biyu wajibi ne, kuma a cikin saƙo ɗaya. In binciken zai ɗauki lokaci, misali kuɗin bai bayyana a asusu ba sai an kai wa banki lambar nan, to a faɗa masa abin da aka duba, abin da ya rage, da ranar da zai ji amsa. Kuma yarinya ta zauna a aji kafin nan.

Idan kuma rasit ɗin na bogi ne fa? Ko a nan tsarin bai canza ba. Korar yarinya a gaban aji ciwo ne ko an biya ko ba a biya ba, don ba ita ce ke riƙe da aljihu ba. Sai a ce masa kuɗin bai bayyana a asusu ba, ya tuntuɓi bankinsa ko mai POS ɗin da ya tura masa. Kada a rubuta kalmar "bogi" a saƙo. Mai yiwuwa shi ma cutar sa aka yi, kuma magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta, da za a ɗauki hotonta a watsa a zauren iyaye na WhatsApp kafin magariba.

Ta yaya za ka san amsarka ta yi aiki? Ka duba saƙonsa na biyu. In ya dawo da tambaya, "yaushe aka yi ƙarin?", to ya sauko, an koma maganar takarda. In ya maimaita ƙorafin farko da wasu kalmomi, ko ya sake turo rasit ɗin da ka riga ka gani, bai ji an saurare shi ba. A nan kada ka ƙara masa lissafi, ka kira shi a waya.

Mu iyaye ma da namu: in za a biya ta hannun mai POS, a sa ya rubuta sunan yaro da ajinsa a wajen bayani, a tura wa makaranta rasit a ranar. Masu makarantu kuma, don Allah maganar kuɗi ku yi ta da iyaye, ku bar yara su yi karatu. Akawu da malamai da ke nan, ina son in ji yadda kuke yi da irin waɗannan saƙonni. Allah Ya rufa mana asiri, Ya hore wa iyaye abin biya.