Wasiƙa Zuwa ga Matasan Malaman Gona: Ku Fara Tambayar Gona

Ƙannena,

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ruɗani da nake yawan ji a bakinku wajen taron manoma. Wani zai miƙe ya ce ya zo da noma mai dacewa da sauyin yanayi, amma da ya buɗe baki sai ka ji dokokin noman tattalin ƙasa yake zayyanawa: kada a yi huɗa, kada a kwashe kara. Abubuwan nan biyu 'yan uwa ne, amma ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya cakuɗa su zai iya sa talaka ya yi asarar damina guda.

Noman tattalin ƙasa tsari ne mai sharuɗɗa uku, kamar yadda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta tsara. Na farko, a rage motsa ƙasa iyakar iyawa. Na biyu, ƙasa ta zauna a lulluɓe da kara ko ganye, aƙalla kashi 30 cikin 100 na fuskarta. Na uku, a riƙa sauya amfani ko a haɗa iri daban-daban. Tushensa Amurka ne, bayan guguwar ƙurar da ta kwashe gonaki a shekarun 1930, sannan ya bunƙasa a Brazil daga shekarun 1970.

Shi kuwa noma mai dacewa da sauyin yanayi, FAO ta gabatar da shi ne a 2010, a wani taro a birnin Hague. Bai ce a yi kaza ko a bar kaza ba. Tambayoyi uku yake yi wa kowace dabara: za ta ƙara amfani da kuɗin shiga? Za ta sa gona ta jure fari, ambaliya ko makarar ruwa? In da hali, za ta rage iskar da ke ɗumama duniya? Ke nan na farkon magani ne takamaimai, na biyun kuwa ma'auni ne da ake gwada kowane magani da shi. Hasashen damina na NiMet ko na cibiyar AGRHYMET ta Yamai, da irin gero mai saurin nuna kamar SOSAT, duk suna cikin na biyun, alhali babu ruwan na farkon da su.

Ni kaina na taɓa faɗa wa wannan rami. Ina sabon ma'aikaci na sa wani dattijo ya bar kara a gonarsa, ya yi shuka ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Gonar fako ce, samanta ya yi ɓawo kamar daɓen ɗaki. Kafin watan Maris dabbobi sun cinye rabin karan, mata sun tsince sauran don hura wuta. Da ruwan farko ya sauka, ina tsaye ina kallo ya bi ta kan gonar ya gangara kwari, na sa yatsa na tona, ƙasan a bushe ƙamas. Dattijon bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Yaro, ƙasar da ba ta sha ba, me za ta ba ka?"

Abin da wannan gona take so shi ne tassa, wadda Mosawan Burkina Faso suke kira zai, kuma manoman Illela ta jihar Tawa a Nijar suka farfaɗo da fako mai yawa da ita. Ga yadda lissafin yake. Da rani ake haƙa rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfinsa 10 zuwa 20, a tara ƙasar da aka fitar ta ɓangaren gangare don ta tare ruwa. In an bar mita ɗaya tsakanin ramuka, hekta za ta ci rami 10,000. Kowane rami a zuba masa taki kamar giram 300, wato tan 3 ke nan a hekta. Takin zai jawo gara, ita kuma ta huda ƙasa ta buɗe wa ruwa hanya. Aikin ba wasa ba ne, yakan ci sa'o'i wajen 300 a hekta, don haka ku ce wa manomi ya fara da abin da hannunsa da takinsa za su iya, ya ƙara baɗi.

To, ku lura. Mai tassa ya sa fartanya ya farfasa ƙasa, bai kuma lulluɓe ta da kara ba, saboda haka bai cika sharuɗɗan noman tattalin ƙasa ba. Amma a kan ma'aunin yanayi ya ci: gonar da ba ta ba da ko dami yanzu tana bayarwa, kuma shukar tana jure tsayawar ruwa saboda damshin da ramin ya riƙe.

Sai dai kada ku ɗauki tassa ku mai da ita sabuwar doka. A jigawa mai rairayi ramin rushewa yake yi, ruwa ma dama yana shiga ƙasa da kansa. A laka mai riƙe ruwa kuwa, in damina ta yi yawa, shukar za ta tsaya cikin ruwa ta yi ɗorawa ta ruɓe. A jigawa babban abokin gaba shi ne iskar farkon damina da ke binne tsiron gero da yashi, kuma a nan ne karan da aka shimfiɗa yake aiki sosai. Wato a wannan gonar noman tattalin ƙasa shi ne amsar da ma'aunin yanayi zai bayar.

In za ku ba da shawararsa, ku tabbata ukun sun cika. Wani babban nazari da mujallar Nature ta buga a 2015 ya nuna cewa barin huɗa shi kaɗai yakan rage amfani, amma in an haɗa shi da lulluɓi da sauya shuka a wuraren da ke da ƙarancin ruwa, amfanin yana ƙaruwa. Auna lulluɓin kuma ba wuya: ku sami igiya mai ƙulli 100, ku miƙe ta a karkace a gona gab da shuka, ku ƙirga ƙullin da ya faɗa a kan kara. In bai kai 30 ba, abin da kuke da shi gona ce kawai da ba a huɗe ba, ciyawa za ta yi muku sallama. In kuma tsiro ya yi fari-fari a ƙarƙashin kara mai yawa, ƙwayoyin da ke ruɓar da karan ne suka riƙe abincin ƙasa, sai a taimaka da ɗan takin zamani a gindi.

Ku kuma yi wa manomi adalci a lissafi. Kara a wurinmu ba shara ba ne: abincin shanu ne, danga ce, makamashi ne, kuɗi ne a kasuwa da bazara. Wanda ya kwashe shi ba jahilci ya sa shi ba. Shi ya sa abin da manoman Maraɗi suka yi tun shekarun 1980, na barin kututturen itatuwa su sake tofo a gona suna yi musu aski, ya bazu har ya kai kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Itacen yana tare iska, yana ba da makamashi da abincin dabba, gawo kuma yana zubar da ganyensa da damina, ba ya yi wa gero inuwa. Gidan da ya samu itacen girki a gonarsa ya fi iya haƙura da kara.

Don haka in kun isa ƙauye, ku bar takardar a jaka tukuna. Ku zuba ruwa buta ɗaya a gonar ku ga ko za ta sha ko zai gudu. Ku tambayi mai ita abin da ya fi cin amfaninsa a shekaru biyar da suka wuce, da kuma inda karansa yake tafiya. Daga amsarsa za ku san ko fartanya za ku ce ya ɗauka ko ajiye ta zai yi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
Wani tsohon malamin gona