Imel ɗin haɗi ba gaisuwar sallah ba ce

Kaka ta yi, masara ta fara cika kasuwannin Dandume da Funtua, saƙonnin nan da ke ɓata mini rai kuma sun dawo. Mutum yana so ya haɗa shugaban ƙungiyar manoma a Malumfashi da jami'in saye na kamfanin abincin kaji a Ibadan, sai ya rubuta layi ɗaya: "Alhaji, ga Injiniya, Injiniya, ga Alhaji, sai ku zanta." Ya aika, ya karkaɗe hannu, wai ya yi taimako. Alhaji na jiran Injiniya ya fara magana, Injiniya kuma bai ga dalilin amsa wa baƙo ba. Kafin wani ya motsa, farashi ya sauya.

Abin haushin shi ne sana'ar haɗa mutum biyu ba baƙuwarmu ba ce. Abner Cohen, a littafin da ya fitar a 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda maigida ke saukar da fatake masu shanu, dillalansa su nemo mahauta, shi kuma ya tsaya lamunin bashin. Maigidan ya san wanda ke biya da wanda ke kwana da kuɗin mutane. Yau mun samu imel, mun yar da ilimin.

Aikin mai haɗi yana farawa kafin imel ɗin haɗin. Ya tuntuɓi kowa shi kaɗai: "Alhaji, akwai mai neman masara tirela-tirela, ko in haɗa ku?" Haka ma ɗaya ɓangaren. Idan wani ya ce a dakata, magana ta mutu a rufe, ba wanda ya ji kunya. Wanda aka jefa wa baƙo ba shawara kuwa, ko ya amsa don kara, ko ya yi shiru ya zama mai girman kai.

Sannan saƙon ya ɗauki abin da kowannensu zai auna. A ce ƙungiyar na iya tara buhu 600 mai kilo 100, wato tan 60, lodin tirela biyu. A layin Subject a rubuta sunayensu biyu da "masara tan 60, Malumfashi". A ciki a gaya wa mai saye: fara ce ko ja, a wane sito take, daga yaushe za a iya lodi, kuma an auna danshinta ko ba a auna ba. Wannan na ƙarshen shi ne inda ciniki ke karyewa, domin kamfanoni kan nemi danshi kada ya wuce kashi 13 ko 14 cikin ɗari, masarar da aka ɗura a buhu ba ta gama bushewa ba kuwa tana iya yin fumfuna a hanya, a ƙi ta a bakin ƙofa bayan an biya kuɗin mota. Shi ma Alhaji a gaya masa nasa: kamfanin da kilo yake saye, ba da buhu ba, wa ke ɗaukar kuɗin lodi da mota, nan take ake biya ko bayan kwanaki. Manomin da ke bin bashin taki ya san bambancin. A ƙarshe a ambaci wanda zai fara magana: "Injiniya, ka kira Alhaji kafin Juma'a." Wanda ya fara amsawa sai ya mayar da mai haɗi layin Bcc, ya huta da sauran wasiƙun.

Za a ce mutanenmu waya suka sani. Gaskiya ne, a kira su. Amma jami'in saye ba zai kai wa shugabansa kiran waya ba, rubutu zai tura.

Inda ba na sassauci shi ne wurin da masu haɗi ke yin gum. Idan kana da la'ada a kan kowane buhu, ka rubuta ta su biyun su gani. Idan ba ka taɓa ganin siton Alhaji ba, ko ba ka san kamfanin na cika alkawarin biya ba, ka ce iyakar saninka ke nan. Wanda ya rubuta "amintaccena ne" a kan mutumin da ya haɗu da shi sau ɗaya wurin taron bita ya ɗauki rigar maigidan Sabo ba tare da nauyinta ba. Shi maigidan, in mahauci ya gudu, aljihunsa ne ke amsawa. Namu kuwa, ranar da tirela ta isa Ibadan kuɗi suka maƙale, wayarsa a kashe za ka same ta.