La'adar dillalan gidaje a Jos: a rubuta ta kafin a fara ciniki

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke zaune a Abuja, wanda ya mallaki gida a Jos ko ya gaje shi, idan ya tashi sayarwa da wuya ya samu sukunin zuwa ya tsaya a kan cinikin da kansa. Yakan ɗaga waya ya kira dillali, su yi magana ta minti biyar, a rufe da cewa "la'ada yadda aka saba". Wannan gajeriyar magana ita ce tushen yawancin rigingimun da ke biyo bayan cinikin gida, domin kowane ɓangare da abin da yake nufi da ita. Abin da aka fi ji a bakin dillalai shi ne kashi 5 cikin 100 a kan sayarwa da kashi 10 a kan haya, wasu kuma kan nemi 10 ko a kan sayarwa. Sai dai adadin kason ba shi ne ke cutar da mai gida ba. Abin da ke cutar da shi shi ne tambayoyi huɗu da ba a amsa ba: kaso na wane kuɗi, wa zai biya, yaushe ya zama haƙƙin dillali, kuma wa ke da rarar da ta hau kan farashin da aka yanka.

Jos na da dalilin da ya sa batun ya fi tsanani a cikinta. Bayan rikice-rikicen Satumban 2001, Nuwamban 2008 da Janairun 2010, mazauna garin da dama sun sauya unguwa, kowa ya koma inda hankalinsa ya fi kwanciya. Gidaje masu yawa sun sauya hannu tsakanin mutanen da ba sa iya shiga unguwar juna a sake, kuma dillali ne ya zama gada a tsakaninsu. Aiki ne na gaske da ya cancanci lada. Amma duk inda mai saye da mai sayarwa ba sa haɗuwa, mutum ɗaya ne kaɗai ya san farashin gaskiya, kuma shi ne wanda rabonsa ya dogara da farashin.

Ga misali da alƙaluma. A ɗauka wani ma'aikaci yana da gida a Bukuru, ya ce wa dillali yana son naira miliyan 40, la'ada kashi 5. Dillali ya samu mai saye, ya faɗa masa cewa mai gida ya kafe a kan miliyan 46, aka shirya a haka. Ya karɓi kuɗin a asusunsa, ya cire miliyan 2 a matsayin la'adarsa daga miliyan 40, ya tura wa mai gida miliyan 38. A ɗaya ɓangaren kuma ya karɓi kashi 5 na miliyan 46 daga hannun mai saye, wato miliyan 2 da dubu 300. Sannan ga rarar miliyan 6 da mai gida bai san da ita ba. Jimilla dillali ya tashi da miliyan 10 da dubu 300, abin da ya haura kashi 22 cikin 100 na ainihin farashin, alhali kowane ɓangare yana ganin kashi 5 kawai ya biya. Idan asiri ya tonu, amsar dillali a shirye take: "Ranka ya daɗe, miliyan 40 ka nema, kuma na kawo maka."

A ƙa'idar dokar wakilci da kotunan Najeriya ke bi, wakili ba shi da ikon cin ribar ɓoye daga dukiyar wanda ya wakilta, kuma wajibi ne ya ba da cikakken lissafi. To amma dillali zai iya cewa an yi da shi cewa duk abin da ya hau kan miliyan 40 nasa ne, kuma irin wannan yarjejeniya ba ɓoyayyiyar riba ba ce idan da gaske an yi ta a fili. Maganar baki ce ta fuskanci maganar baki, shaida kuwa babu. Mai gida da ke da aiki a sakatariyar tarayya ba zai iya jelen kotu a Jos na tsawon shekaru ba, sai ya haƙura ya bar wa Allah.

Ana iya gane irin wannan ciniki tun kafin ya kammala. Alama ta farko ita ce dillali ya riƙa kawo uzuri duk lokacin da aka nemi a haɗa mai saye da mai gida, ko da ta waya ce. Ta biyu ita ce ya dage sai an biya kuɗin a asusunsa. Ta uku ita ce a kawo wa mai gida takardar ciniki ya sa hannu alhali gurbin farashi fayau yake, ko kuma adadin da ke kan rasit ya saɓa da wanda ke kan takardar miƙa mallaka. Ko ɗaya daga cikin ukun ta isa ta sa a dakata.

Abin lura shi ne kakannin wannan sana'a sun fi masu yin ta a yau fayyace magana. A kasuwar kayan gwari ta Farin Gada, ko a kara ta Bukuru, an saba yanka la'ada a kan buhu, kwando ko kan dabba, kuma 'yan kasuwa sun san adadin da wanda zai biya. Masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda fataucin shanu da goro ya tsayu a kan amanar masu gida da dillalansu, inda wanda ya ci amana ke rasa fatake. Abin da ya riƙe wancan tsari shi ne ciniki a bainar jama'a da kuma maimaituwarsa kullum. Gida kuwa sau ɗaya mutum ke sayarwa a rayuwarsa, ko sau biyu, kuma a bayan idon jama'a. Tunda babu idon kasuwa, dole takarda ta maye gurbinsa.

Takardar ba ta buƙatar ta wuce shafi guda. Batu na farko da za ta fayyace shi ne cewa kason na ainihin kuɗin da mai saye ya biya ne, kamar yadda aka rubuta a takardar miƙa mallaka, kuma a rubuta shi da naira a gefen kason, domin "miliyan 2" ba ya karɓar fassara biyu. Kuɗin lauya da na talla a ware su daban. Idan kamfanin dillancin zai ɗora harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 tun daga Fabrairun 2020, a faɗa ko yana cikin la'adar ko ƙari ne a kanta, domin a kan miliyan 2 harajin ya kai naira dubu 150.

Batu na biyu shi ne mai biya. Ba laifi ba ne dillali ya karɓa daga ɓangarori biyu matuƙar dukansu sun sani sun kuma yarda, amma mai gida ya kamata ya gane cewa wanda ke cin la'ada daga mai saye ba nasa ba ne shi kaɗai. Haka nan a Jos, kamar sauran garuruwa, gida ɗaya kan bi ta hannun dillalai uku ko huɗu kafin ya isa ga mai saye, kuma ranar biya kowa kan bayyana da nasa hannun a buɗe. Layi ɗaya ya isa ya toshe wannan: la'ada guda ce, kuma dillalin da ya sa hannu shi zai sallami duk wanda ya jawo.

Batu na uku shi ne lokaci. Kawo mai saye daban, kammala ciniki daban. Mai saye na iya ba da kafin alƙalami sannan ya janye, wani magaji na iya tasowa ya ce ba da yawunsa aka sa gidan a kasuwa ba, bincike a ma'aikatar filaye na iya nuna cewa takardar na jingine a banki. Ban da haka, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shardanta amincewar gwamna kafin a miƙa filin da ke da takardar mallaka ta gwamnatin jiha, kuma wannan kan ɗauki lokaci. Mafi adalci shi ne la'ada ta wajaba idan kuɗi sun shiga asusun mai gida an kuma sa hannu a takardar miƙa mallaka. Idan biyan kashi-kashi ne, la'adar ma ta bi shi kashi-kashi.

Batu na huɗu, wato rara, shi ne ya fi buƙatar tunani, domin kashi 5 zalla na da nasa rauni. Idan dillali ya ƙara wata biyu yana fafutuka har ya samo ƙarin miliyan 2, rabonsa a ciki dubu 100 ne kacal, don haka ya fi masa sauƙi ya lallashi mai gida ya sallama da wuri. Maganin shi ne la'ada mai hawa biyu: kashi 5 har zuwa miliyan 40, sannan, misali, kashi 20 na duk abin da ya haura. A cinikin Bukuru na miliyan 46, dillali zai samu miliyan 2 da kuma miliyan 1 da dubu 200, jimilla miliyan 3 da dubu 200, halal ɗinsa. Mai gida zai tashi da miliyan 42 da dubu 800 maimakon 38.

Dillalai na da nasu ƙorafin, kuma gaskiya ne. Sau da yawa sukan ƙona mai da lokaci suna zagayawa da masu saye, sai mai gida da mai saye su haɗa baki su zagaye su. Wannan tsoro ne ke sa wasunsu ɓoye ɓangarorin biyu daga juna. Takardar ita ce kariyarsu su ma: a rubuta wa'adin aikin, a ce wata uku, a faɗa ko dillalin shi kaɗai aka ba wa ko akwai wasu, sannan ya riƙa tura sunan duk wanda ya kai ganin gidan a rubuce. Idan ɗaya daga cikinsu ya saya cikin wata shida bayan ƙarewar wa'adi, la'adarsa na nan daram.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan doka. A Birtaniya, dokar dillalan gidaje ta 1979 ta wajabta wa dillali ya sanar da mai gida adadin ladansa da lokacin da zai wajaba tun kafin a ƙulla yarjejeniya. A Amurka, bayan ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar ta amince a Maris 2024 ta biya dala miliyan 418 don sasanta ƙararraki kan la'ada, sai aka wajabta wa mambobinta rubuta yarjejeniya da mai saye kafin su kai shi ganin gida. Majalisar Dokokin Jihar Filato da ƙungiyoyin dillalai na Jos za su iya ɗaukar wannan darasi, su fitar da takarda guda da Hausa da Turanci wadda kowa zai riƙa cikewa. Kafin nan, mai gidan da ke Abuja na iya rubuta sharuɗɗan nan huɗu da kansa, ya nemi dillali ya sa hannu a gaban shaidu biyu, ya kuma tsaya a kan cewa kuɗin ciniki asusunsa za su shiga kai tsaye. Dillalin da ya ƙi sa hannu a kan haka, ya kamata a nemi wani.